Ƙwayar ƙarfin maza da ƙwayar ƙarƙashin harshe: amsa ga wani Alhaji daga Ƙofar Marusa

"Likita, salamu alaikum. Shekarata 59, ina zaune a Ƙofar Marusa cikin birnin Katsina. Shekara tara ke nan ina da hawan jini. Ina shan amlodifin mai 10 da safe, da tamsulosin da dare saboda matsalar fitsari. Akwai kuma wata 'yar farar ƙwaya da aka ba ni in sa ƙarƙashin harshe idan ƙirjina ya yi nauyi, amma rabona da ita ya kai wata biyu. Ƙarfina ya ragu wajen iyali, ga shi bayan Sallah zan ƙara aure. Abokina ya ba ni sildenafil mai 100, ya ce shi ma yana da hawan jini kuma yana sha lafiya lau. In sha?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya alheri a abin da ake shiri. Kada ka sha. Ka ajiye ta, kada ka sha ko da rabi, har sai likitan zuciya ya gan ka.

Ba hawan jinin ne ya sa na hana ka ba, kuma ba amlodifin ba ne. Abokinka ba ƙarya ya yi maka ba, maza da yawa masu hawan jini suna shan wannan ƙwaya da sanin likitansu ba tare da wata matsala ba. Abin da ya raba ka da shi ita ce wannan 'yar farar ƙwayar da ka ambata a ƙarshe kamar ba ta da muhimmanci. Ita ce ta fi komai nauyi a cikin wasiƙarka.

Ƙwayar da ake ba mai ciwon ƙirji ya sa ƙarƙashin harshe kusan kullum daga dangin naitiret take. Wadda ake yawan bayarwa ita ce isosobaid ko naitirogilisarin. Ka ɗauko kwalin ko takardar asibiti ka duba, ko ka sa wanda ka yarda da shi ya duba maka. Yadda za ka ga an rubuta su ke nan: `isosorbide dinitrate`, `isosorbide mononitrate`, `glyceryl trinitrate`, `nitroglycerin`, ko a taƙaice `GTN` ko `ISDN`. Wasu kwalayen sunan kamfani kawai suke nunawa da manyan baƙaƙe, kamar `Isordil`, sai an duba ƙananan rubutun. Idan kuma a 'yar leda aka zuba maka ba suna, kamar yadda ake yawan yi, to ka ɗauka naitiret ce har sai an tabbatar maka da akasin haka.

Bari in yi maka bayanin dalili, domin na san dattijo irinka ba ya son a ce masa "kada ka yi" a tsaya nan.

Kowace jijiyar jini tana da nama a bangonta wanda ke matsewa ya kuma saki. Idan ya matse, jijiya ta ƙuntata, jini ya hau. Idan ya saki, ta buɗe, jini ya sauka. Jiki yana da wani ɗan aike da yake turawa ya ce wa wannan nama ya saki. Yana kuma da wani mai shara da ke bin bayan ɗan aiken yana kawar da saƙon, don kada jijiya ta zauna a buɗe fiye da kima. Miƙewar namiji ta wannan hanyar take faruwa: sha'awa ta zo, a tura saƙo, jijiyoyin gaba su buɗe, jini ya cika wurin. Aikin sildenafil da 'yan'uwanta, wato tadalafil da bardenafil, shi ne su ɗaure hannun mai sharar nan, saƙon ya daɗe bai goge ba. Ita kuwa naitiret, aikinta ta ninka 'yan aiken, ta watsa su cikin jijiyoyin jiki gaba ɗaya don zuciya ta samu sauƙi. Kowanne shi kaɗai jiki na iya ɗauka. Amma a haɗa su, ga saƙo ya yi yawa, ga babu mai gogewa, sai jijiyoyin jiki daga sama har ƙasa su saki a lokaci ɗaya.

Ka san yadda ruwan famfo yake yi idan an sako shi daga madatsar ruwa ta Ajiwa. Idan kowane gida a unguwa ya buɗe famfonsa lokaci guda, ruwan bai ƙare ba, amma ƙarfinsa ya tafi, kuma wanda zai fara rasawa shi ne mai gidan bene. A jikin mutum ƙwaƙwalwa ce gidan bene. Shi ya sa alamar farko jiri ce da duhun gani, musamman idan mutum ya miƙe tsaye, daga nan sai suma. Jinin yana nan, ya dai taru a ƙafafu da ciki bai dawo zuciya da yawa ba.

Ba a rasa alaƙa tsakanin magungunan biyu tun asali ba. Ita kanta sildenafil maganin ciwon ƙirji aka so a yi da ita a Ingila, bai yi wani tasiri ba a can, sai aka lura da abin da take yi wa mazan da aka gwada ta a kansu, har aka amince da ita a 1998 don wannan aikin. Tun ranar farko gargaɗin naitiret yana rubuce a takardarta.

Ga yadda lissafin yake. Lafiyayyen mutum idan ya sha sildenafil mai 100 ita kaɗai, lambar sama ta awon jininsa kan sauka da kamar 8, ta ƙasa da kamar 5. Ba zai ma ji ba. Amma da aka gwada maza masu ciwon ƙirji da ke shan isosobaid, aka ba su mai 50, rabin taka ke nan, lambar sama ta faɗi da wajen 40 a zaune, wajen 50 a tsaye. Wannan kuma matsakaici ne, wasu tasu ta wuce haka. To ka ɗauka awonka 130 bisa 80 ne saboda amlodifin tana aiki. Cire 50, ka koma 80. A nan ne abin ya fi muni ga mutum irinka, domin wanda aka ba naitiret ana zaton jijiyoyin da ke ciyar da zuciyarsa sun riga sun ƙuntata. Ƙuntatacciyar jijiya sai da ƙarfin turi jini ke ratsa ta. Idan turin ya faɗi, naman zuciyar da ke bayan wurin ba zai samu jini ba, a daidai lokacin da zuciyar ke ƙara gudu don ta ceci ƙwaƙwalwa. Ta haka faɗuwar jini ke rikiɗewa ta zama bugun zuciya na gaske, ko shanyewar ɓarin jiki, ko mutuwar fuju'a a kan gado.

Na san abin da za ka ce: ai wata biyu ban taɓa ta ba. Gaskiya ne, babu ɗigonta a jininka yanzu, kuma da za ka haɗiye sildenafil yau ka kwanta ka yi barci, watakila ba abin da zai faru. Haɗarin naka ba daga abin da ka sha jiya yake ba, daga abin da za ka sa bayan awa ɗaya yake. Ka yi tunanin daren. Ka sha ƙwaya, ta yi aiki, ka yi ƙoƙarin da jikinka ya daɗe bai yi ba, ga zumuɗi, ga son kada a ji kunya gaban amarya. Wannan shi ne ainihin irin yanayin da ke taso da nauyin ƙirji. Da ya taso me hannunka zai lalubo a aljihun riga? Ita. Ka saba, a minti biyu take ba ka sauƙi. Ƙarƙashin harshe kuwa ba ta bi ta ciki ba, kai tsaye take shiga jini, ta tarar da sildenafil a lokacin da ta fi ƙarfi. Don haka ne takardar maganin ba ta bambanta mai shan naitiret kullum da mai sa ta jefi-jefi ba, duka an hana.

Akwai wani lissafin awanni da ake yawo da shi, kuma ina so ka fahimce shi daidai. Ana cewa a jira awa 24 bayan sildenafil ko bardenafil kafin a ba mutum naitiret, awa 48 kuma bayan tadalafil. Hakan yake. Sildenafil rabinta kan fita daga jini a kamar awa 4, tadalafil kuwa sai ta yi awa 17 da rabi kafin rabinta ya fita, shi ya sa aikinta ke kai awa 36. Mutum zai sha tadalafil daren Juma'a, ya manta da ita, ƙirji ya riƙe shi ranar Lahadi da asuba, ya sa ƙwaya ƙarƙashin harshe ya zube a hanyar masallaci. Wanda kuma aka ɗora a kan tadalafil ƙarama mai 5 ta kullum saboda matsalar fitsari, shi babu ranar da jininsa ke wofi. Amma wannan lissafi namu ne na likitoci, don mu san abin da za mu ba wanda aka kawo mana da gaggawa. Ba jadawali ba ne da za ka tsara wa kanka, yau wannan gobe waccan. Ciwon ƙirji ba ya duba agogo kafin ya zo. Wanda ya sha sildenafil ya ƙwace wa kansa maganin gaggawarsa na yini ɗaya cur, mai tadalafil na kwana biyu.

Wani dare ina bakin aiki aka shigo da wani magidanci, bai kai ka shekaru ba, an riƙo shi, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf, jikinsa sanyi ƙalau. Awonsa 70 bisa 40. Ƙanensa ya ce ya fito daga ɗaki zai kama ruwa ne ya yanke jiki ya faɗi, sun tayar da shi sun jingina da bango suna yi masa fifita, ya sake tafiya. Muka kwantar da shi, muka ɗaga ƙafafunsa, muka sa ƙarin ruwa da sauri. Na tambayi magungunansa, aka zazzage leda, ga isosobaid a ciki, sau uku a rana. Na tambaye shi ko ya sha maganin maza, ya ce a'a, ƙanensa na tsaye. Sai da na sallami kowa ya ce mini wata zuma ce ta 'yar leda ya saya, an ce masa ta gargajiya ce zalla, ba ta Bature ba. Bai yi mini ƙarya ba a ganinsa. Allah ya taƙaita, leda ta biyu ta ruwa ba ta ƙare ba jinin ya fara dawowa, gwajin zuciya bai nuna ta lalace ba. Amma da ya zo da ciwon ƙirji maimakon suma, da jininsa bai riga ya faɗi ba, da abu na farko da za mu miƙa masa naitiret ce.

Wannan maganar zuma ka riƙe ta. Hukumomin kula da magunguna a ƙasashe da dama sun sha gwada zuma da kofi da shayi da garin "ƙarfin maza" suna samun sildenafil ko tadalafil a ɓoye ciki, ba a rubuta ba, ba a kuma san yawansu ba. Duk abin da aka ce maka ganye ne amma yana aiki cikin awa ɗaya, yana sa fuska ta yi zafi, hanci ya toshe, kai ya yi ciwo, to alamun waɗannan ƙwayoyin ke nan sak. A lokacin biki abokai za su kawo maka irin waɗannan a matsayin gudummawa. Hukuncinsu a wurinka ɗaya ne da ƙwayar abokinka, sun ma fi ta haɗari, don ita aƙalla mun san abin da ke ciki.

Kafin in bar maganar naitiret, akwai masu shan ta da ba su taɓa ciwon ƙirji ba, kuma su ne suka fi ba ni tsoro saboda ba su san suna cikin layin ba. Mai kumburin zuciya, wanda ƙafafunsa ke kumbura yana haki, ana yawan haɗa masa isosobaid da haidiralazin, haɗin da aka tabbatar yana taimakon baƙar fata. Shi a wurinsa "maganin zuciya" ne kawai. Akwai kuma wadda ake fesawa a baki, da wadda ake mannawa a fata, da nikorandil wadda sunanta bai nuna ba amma aikinta irin na naitiret ne. Duka hukunci ɗaya. A ɗaya ɓangaren, nifedifin ba naitiret ba ce ko da sunan ya yi kama, 'yar'uwar amlodifin ce.

Yanzu sauran magungunanka. Amlodifin ba abokiyar gaba ba ce. An gwada ta da sildenafil, ƙarin saukar da aka gani kamar 8 ne a sama, 7 a ƙasa, wato kusan abin da sildenafil ke yi ita kaɗai. Tarawa ake yi, ba ninkawa ba, domin kowacce hanyarta daban. Haka lisinofiril, losatan, atenolol da magungunan sa fitsari. Wanda jininsa ya daidaita a kansu, kuma zuciyarsa lafiya, yawanci ana ba shi. Ina faɗin wannan da ƙarfi saboda wani kuskure da nake gani kullum: mutum ya ji cewa ƙwayar maza tana saukar da jini, sai ya ajiye maganin hawan jininsa na ranar wai don kada su haɗu. Wani ma ya daina gaba ɗaya don an ce masa shi ke kashe masa ƙarfi. Sildenafil ba ta maye gurbin amlodifin. Wanda ya tsallake maganinsa ya shiga ɗaki da jini 180, ya guji rami ne ya faɗa rijiya. Idan ana zargin magani da rage ƙarfi, kuma gaskiya wasu magungunan sa fitsari da su atenolol da furofanolol kan yi haka ga wasu mazan, canza shi ake yi da wani, ba jefarwa ba. Amlodifin da kake sha ba ta cikin waɗanda aka fi zargi.

Tamsulosin tana tsakiya, ba haram ba ce kamar naitiret, ba kuma sakaka ba kamar amlodifin. Danginta suna sassauta naman da ke wuyan mafitsara don fitsari ya fita, amma suna taɓa jijiyoyin jini su ma, musamman matsewar nan da jijiyoyi ke yi da sauri idan mutum ya tashi tsaye. Idan aka ƙara sildenafil a kai, wasu mazan kan ji jiri ko su faɗi da sun miƙe, galibi cikin awa 4 na farko. Taka, wato tamsulosin, ita ce mai sauƙi a cikinsu. Doksazosin da terazosin da furazosin sun fi saukar da jini, har ba a son haɗa doksazosin da tadalafil. Da a ce babu maganar naitiret a wasiƙarka, da abin da zan ce maka shi ne: sai ka daɗe a kan tamsulosin jikinka ya saba, a fara da mai 25 ba mai 100 ba, kada a haɗiye su tare cikin dare ɗaya a jere, a bar tazarar kamar awa 4, kuma idan za ka tashi ka fara zama a bakin gado tukuna. Ka lura kai da dare kake shan tamsulosin, daidai lokacin da za ka so shan ɗayar, sannan fitsari na tayar da kai cikin duhu. Ko babu naitiret, mai 100 ta yi maka yawa a farawa.

Yanayinmu ma yana shiga lissafi. Mutumin da ya ɗauki haɗin amlodifin da ƙwayar maza lafiya lau a lokacin hunturu yana iya jin jiri da shi a zafin watan Afrilu, ko bayan ya kai azumi, ko bayan gudawa, musamman idan yana shan maganin sa fitsari, domin ruwan jikinsa ya yi ƙasa. Wasu magungunan kuma suna hana hanta fitar da sildenafil sai ta taru: ketokonazol, eritiromaisin, kilaritiromaisin, da ritonabir da ke cikin wasu magungunan ƙanjamau. Mai shan ritonabir ba a wuce masa mai 25 a cikin awa 48. Sannan abinci mai maiƙo yana jinkirta sildenafil da kamar awa ɗaya. Ango ya ci kaji da tsire ya ƙoshi, ya sha ƙwaya, minti arba'in shiru, ya ce ba ta da kyau ya ƙara ta biyu, sai su taso masa tare. Sau ɗaya ake sha a yini, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba.

To me ya rage maka? Ba a rufe maka ƙofa ba, Alhaji, kuma kana da lokaci kafin Sallah idan ka tashi yanzu. Ka tattara duk abin da kake sha a leda ɗaya, har na gargajiya, har ƙwayar abokin naka, ka je asibitin da ke da likitan zuciya, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina. Ka faɗi maganar kai tsaye yadda ka faɗa mini. Tambayar da za a warware ita ce: wannan nauyin ƙirjin mene ne, kuma har yanzu kana buƙatar naitiret?

Za a tambaye ka yaushe yake zuwa. Idan da tafiya ko hawan bene yake tasowa, ya lafa da ka huta 'yan mintoci, wani lokaci ya bi hannun hagu ko muƙamuƙi, wannan ya yi kama da na zuciya. Idan bayan cin abinci ne ko da ka kwanta, da zafi-zafi a maƙogwaro, yana iya zama na ciki, kuma na sha ganin wanda ya shekara yana yawo da isosobaid alhali gyambon ciki ke damunsa. Jin sauƙi bayan ka sa ƙwayar ba hujja ba ce cewa zuciya ce, don tana sassauta maƙoshi ma. Za a yi maka gwajin zuciya na waya, watakila da hotonta, a auna suga da kitsen jini da aikin ƙoda. Za a auna jininka a kwance bayan hutun minti 5, a sake bayan ka tsaya minti 1 da minti 3. Idan lambar sama ta sauka da 20 ko ta ƙasa da 10, jijiyoyinka tun yanzu ba sa riƙe tsayuwa da kyau. Wanda awonsa bai kai 90 bisa 50 ba, ba a ba shi ƙwayar sam. Haka wanda jininsa ke sama ba a shawo kansa ba, ko wanda bai daɗe da bugun zuciya ko shanyewar jiki ba.

Za a kuma so a san ƙarfin zuciyarka, domin kusantar iyali aiki ne a wurinta. Ma'aunin da muke amfani da shi mai sauƙi ne: wanda zai iya tafiyar mil ɗaya cikin minti 20 a miƙaƙƙiyar hanya, ko ya hau bene hawa biyu da hanzari, ba ciwon ƙirji ba haki mai tsanani, galibi zuciyarsa za ta ɗauka. Kada ka je ka gwada kanka da gudu don na faɗa. Ka dai tuna yadda kake ji idan ka taka daga gida zuwa masallacin Juma'a, ka faɗa wa likita gaskiya. Watakila ma watanni biyun da ka yi ba ciwo, don ka rage motsi ne ba don ciwon ya tafi ba.

Daga nan abu uku ne ke iya faruwa. Ko a gano ba zuciya ba ce, a karɓe naitiret ɗin daga hannunka gaba ɗaya, a fara maka da sildenafil mai 25. Ko a gano zuciya ce amma mai sauƙi, a gyara maka magunguna da waɗanda ke hana ciwon tasowa ba tare da naitiret ba, a sa ido na wani lokaci, sannan likitan zuciya ya yanke ko za a ba ka. Ko kuma a ga ba ka rabuwa da naitiret, to a nan ƙwayoyin nan uku sun fita daga lissafinka, sai a koma wasu hanyoyi da ba sa rikici da ita, kamar na'urar zuƙo jini da ake sa wa gaba, ko allurar alfurostadil da likitan mafitsara ke koya wa mutum yi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka yanke wa kanka hukunci na farko, ka jefar da ƙwayar ƙarƙashin harshe don ka samu damar shan ɗayar.

Wani abu kuma da nake so ka ɗauka da muhimmanci: raunin da kake ji da nauyin ƙirjin, mai yiwuwa ciwo ɗaya ne ya fito ta wuri biyu. Jijiyoyin gaba sun fi na zuciya siranta, don haka idan kitse ya fara liƙewa a bangon jijiyoyi su ne kan fara nunawa, sau da yawa shekaru kaɗan kafin zuciya ta yi magana. Taka watakila ta riga ta fara magana. Saboda haka zuwa asibitin nan ba don amarya kaɗai ba ne.

Saura abin da za a yi idan aka riga aka yi kuskure, don na san wani zai karanta wannan bayan ya riga ya sha. Idan ciwon ƙirji ya zo bayan ƙwayar maza, a dakata da abin da ake yi, kada a sa komai ƙarƙashin harshe, kada a fesa, a nemi mota zuwa asibiti nan take, kuma kada mai ciwon ya tuƙa. Idan kuwa an riga an haɗa, mutum ya fara jiri, gumi mai sanyi, tashin zuciya ko duhun gani, a kwantar da shi flat a ƙasa, a ɗora ƙafafunsa kan matashi biyu ko kujera. Kada a zaunar da shi, kada a jingina shi da bango, kada a kama shi a kai shi banɗaki, domin kowace tsayuwa ƙara kwashe jini take yi daga kansa. Kada a ɗura masa ruwa ko madara yana cikin magagi, zai shaƙe. Idan ya suma amma yana numfashi, a juya shi gefe. A mota ma a kwance za a ɗauke shi a kujerar baya, ba a zaune a gaba ba, ba kuma a kan babur ba. Ko ya farfaɗo ya ce ya ji sauƙi a tafi da shi, don ƙwayoyin suna nan a jininsa na awanni.

Wannan bayanin ya kamata wani a gidan ya san shi, ko uwargida ko babban ɗanka, ba sai ka faɗa musu dalilin duka ba. Idan kuma an isa asibiti, kafin a tambaye ka, ka kira likita ko nas kusa ka faɗa masa a kunne sunan abin da ka sha da ƙarfe nawa ka sha shi, ko zuma ce ko gari ne ko ƙwaya. Idan bakinka ya yi nauyi saboda mutane, ka miƙa masa kwalin ko ledar.